Sa'o'i Biyu Bayan An Ce Barka

 

'Ya'yana sababbin ungozomomi, barkanku. Allah ya sanya albarka a takardar da za ku karɓa da hannun da zai karɓe ta. An ba ni dama in yi muku nasiha, ni kuwa na ga idan na ce zan taɓo duk abin da ke cikin wannan aiki, za mu kai magariba ba ku riƙe komai ba. Don haka abu ɗaya zan ɗauka, wanda ya fi kowane cinye mana mata a ɗakin haihuwa, wato zubar jini bayan haihuwa. Maganata kuma a taƙaice ita ce: kada ku bar mai jego a sa'o'i biyu na farko, ku auna jininta da ma'auni, idan kuma ya kai iyaka ku yi duk abin da ya kamata a tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Kun san yadda ɗakin yake idan jariri ya faɗo ya tsala kuka. Kowa ya juya gare shi. Kaka na tambaya mace ce ko namiji, ana neman zanin da za a naɗe shi, wani ya fita kiran waya yana cewa ta sauka lafiya. Ita kuwa uwar tana kwance shiru, an ja mata mayafi. A daidai wannan lokacin ne aikinku ya fi nauyi. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Da zarar mabiyiya ta saki, wurin da take manne ya zama buɗaɗɗen rauni, kuma abin da ke toshe jijiyoyin wurin shi ne mahaifar kanta ta dunƙule ta yi tauri ta matse su. Idan ta saki jiki ba ta dunƙule ba, mace lafiyayyiya na iya rasuwa cikin sa'o'i biyu. Ƙididdigar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2023 ta nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini na sahun gaba cikin dalilan. Waɗannan matan yayyenmu ne da ƙannenmu, da yawansu kuma sun rasu ne bayan an riga an yi wa dangi barka.

Bari in fara da abin da za ku yi wa kowace mace, ko kun ga alamar haɗari ko ba ku gani ba, domin da yawa daga cikin masu zubar da jini babu abin da ya nuna za su yi. Da jariri ya fito, ku taɓa ciki ku tabbatar babu na biyu, sannan cikin minti ɗaya ku yi mata allurar oksitosin yunit 10 a cinya. Ku jinkirta yanke cibiya minti 1 zuwa 3 idan jaririn na numfashi. Wajen fitar da mabiyiya, hannu ɗaya na tare mahaifa ta saman mara, ɗayan na jan igiyar cibiya a hankali, kuma sai mahaifa ta murɗa ake ja. Mai gaggawar da ta finciki igiya mahaifa na sake, tana iya tsinke igiyar ko ta juyo da mahaifar waje. Idan mabiyiya ta fito, kada ku miƙa wa dangi su tafi binnewa kafin ku shimfiɗa ta a haske ku duba. Ku ga ko ɓangarorinta sun haɗu, ko tantaninta ya cika. Guntun da ya rage a ciki, komai ƙanƙantarsa, yana hana mahaifa dunƙulewa.

Akwai abin da nake so ku riƙe game da oksitosin, domin a ƙasarmu mai zafi ya sha yaudarar ma'aikata. Magani ne mai son sanyi, ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta yi watanni a kan kanta ko cikin aljihun tebur a zafin watan Afrilu, ko wadda aka sayo a shagon da ba shi da wuta, tana iya rasa ƙarfinta alhali kamanninta bai canza ba. Idan kun yi allura mahaifa ba ta amsa ba, ku sa wannan a lissafi. Inda babu oksitosin mai inganci, akwai ƙwayar misofurostol, wadda ba ta buƙatar firji: maikiragiram 600 ake sha don rigakafi bayan jariri ya fito. Takan sa rawar sanyi da zazzaɓi na ɗan lokaci, ku sanar da matar tun da wuri don kada hankalin dangi ya tashi. Ina kuma roƙonku da girman Allah, kada a matsa muku ku yi amfani da waɗannan magunguna don gaggauta naƙuda a inda babu likita, babu ɗakin tiyata. Za a zo a ce muku ta gaji, a yi mata allurar naƙuda. Allurar da ke ceton mace bayan haihuwa, ita ce ke fasa mahaifa idan an yi ta ba bisa ƙa'ida ba kafin haihuwa.

Na biyu, awo. An koya muku cewa jinin da ya kai mililita 500 cikin sa'o'i 24 bayan haihuwa ya zama zubar jini, wanda ya kai 1,000 kuma ya tsananta. Mililita 500 ledar fiya wata ɗaya ce tak. Ku tuna yadda leda ɗaya take ɓacewa idan ta fashe a kan zannuwa biyu da katifa. Shi ya sa ido yake rage jini, har idon wadda ta daɗe tana aiki. Zani ya sha, ƙunzugu ya sha, wani ya gangara ƙarƙashin gado, sai a rubuta 200 alhali an doshi 700.

An gwada wannan a aikace. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Cikin jagororinsa akwai tamu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Abin da aka yi ba mai tsada ba ne. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu da layukan awo, jinin na taruwa a ciki ana ganin inda ya kai, idan kuma ya kai iyaka sai a yi dukkan matakan magani a lokaci guda. Wannan tsari ya rage munanan sakamako, wato zubar jini mai tsanani da tiyata da mutuwa, da kusan kashi 60 cikin 100. Iyakar da aka yi aiki da ita guda biyu ce: jini ya kai 500, ko kuma ya kai 300 tare da wata alamar cewa jiki ya fara jin jiki. Idan an tura ku inda babu wannan leda, ku nemi roba mai faɗi da kofin awo, ku tara ku auna, ku kuma ƙirga ƙunzugun da ya jiƙe. Kada ku bari a wanke zannuwa kafin ku gani.

Awon bai tsaya ga jini ba. Kowane minti 15 a sa'o'i biyun farko, ku ɗora hannu a mararta ku ji mahaifa, ku ɗaga mayafi ku duba, ku ƙirga bugun jini, ku auna hawan jini, ku rubuta. Kada ku jira awon hawan jini ya faɗi kafin ku motsa, domin shi ne ke zuwa a ƙarshe. Mai ciki jininta yakan ƙaru da kusan rabi, don haka jikinta na iya ɓoye asarar lita guda awon na nan daidai. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Akwai lissafi mai sauƙi: ku raba yawan bugun a minti da lambar sama ta hawan jini. Idan amsar ta kai 0.9 ko ta wuce, akwai matsala. Mafi sauƙi ma, duk sa'ad da bugun ya kamo lambar sama ko ya zarce ta, matar na cikin haɗari ko da tana yi muku murmushi.

Kuma ku san matanmu. An raine su da kunya da dauriya, musamman mai haihuwar fari da aka ja wa kunne kada ta yi raki. Ba za ta ce muku tana jin jini na bin jikinta ba. Idan kun tambaye ta za ta ce da sauƙi. Sai ku karanta jikinta: yawan hamma, neman ruwa, gumi mai sanyi, jiri, tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, ko ta kasa kwanciya wuri ɗaya. Ita kuma tsohuwar da ta rako ta za ta iya ce muku ku bari, jinin biƙi ne, gara mugun jini ya fita. Kada ku yi mata tsawa. Ku ce, Inna, gaskiyarki akwai wanda ya kamata ya fita, amma zo ki ga inda layin ya kai, wannan ya wuce na biƙi. Tsohuwar da kuka girmama ita ce za ta fita ta shawo muku kan mijin idan ana neman jini ko mota.

Yanzu bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Ku ɗauka an tura ɗayarku ƙaramin asibitin ƙauye, tana aikin dare da mataimakiya ɗaya. An kawo mace mai shekara 36, haihuwa ta takwas, katin awon ciki ya nuna tana da ƙarancin jini. Tun daga nan kun san abu biyu: mahaifar da ta sha haihuwa takan yi kasalar dunƙulewa, mai ƙarancin jini kuma asarar da wata za ta jure ita za ta kayar da ita. Saboda haka tun tana naƙuda ki sa mata allurar ƙarin ruwa a jijiya, domin jijiya tana da sauƙin samu kafin jini ya zuba, bayan ya zuba kuwa sai ta ɓace. Bugunta a lokacin 88, hawan jini 110 bisa 70.

Ƙarfe 2:10 ta haihu. Kin yi oksitosin, kin shimfiɗa ledar awo. 2:20 mabiyiya ta fito cikakkiya. 2:35 jini ya kai 200, mahaifa da tauri, bugu 92. Har yanzu lafiya. 2:50 kin dawo: jini 350, bugu 108, hawan jini 104 bisa 66, tana neman ruwa. Kin taɓa ciki, mahaifa ta yi laushi, ta hau saman cibiya ta karkata gefe. A ido 350 ba komai ba ne, kuma 104 bisa 66 ba zai tsorata kowa ba. Amma bugu ya zarce lambar sama, jini ya wuce 300. Lokaci ya yi.

Abu na farko, ɗaga murya ki kira taimako, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hannunki na kan mahaifa kina murzawa da ƙarfi har ta dunƙule, kina matso gudajin jinin da suka taru. Matar za ta ji zafi, ki gaya mata dalili kina yi. Mataimakiya ta ba da oksitosin yunit 10 ta jijiya a hankali, ta zuba yunit 20 cikin lita ɗaya ta ruwan gishiri na asibiti ta sake shi ya tafi, ta kuma sa allura ta biyu mai faɗin baki a ɗaya hannun, ta ɗebi jini don gwajin rukuni. A take kuma a ba da taranekzamik asid giram 1, wato mililita 10, ta jijiya cikin minti 10. Wannan maganin yana hana jinin da ya daskare narkewa, kuma wani babban bincike na 2017 kan mata kusan 20,000, har da na Nijeriya, ya nuna amfaninsa na cikin sa'o'i 3 na farko bayan haihuwa. Ba maganin ajiyewa ba ne sai an rasa yadda za a yi. Idan jini bai tsaya ba bayan minti 30 ana ƙara giram 1. Karkatar mahaifa gefe kuwa tana gaya miki mafitsara ta cika, cikakkiyar mafitsara kuma na hana mahaifa matsewa, don haka ki sa robar fitsari. Duk wannan cikin minti 15 ake so a gama shi. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne a yi ɗaya a tsaya a ga ko zai yi, sannan a yi na biyu, kowane jira kuwa da jininta ake biya.

Sai ki nemi dalili da haske mai kyau. Dalilan huɗu ne. Mahaifa ta saki, wanda shi ne mafi yawa, kusan bakwai cikin goma. Ko matar ta ƙaru, a gaba ko a bakin mahaifa, alamarsa kuwa mahaifa da tauri amma jan jini na zuba ba tsayawa. Maganinsa danna wurin da ɗinki, oksitosin ba ya rufe yagewa. Ko wani guntun mabiyiya ya rage. Ko kuma jinin ya daina daskarewa, wanda za ki gane idan kin bar kaɗan a kwalbar gwaji minti 7 bai yi guda ba, wannan kuwa ba na ƙaramin asibiti ba ne.

A ce ƙarfe 3:10 mahaifar na dunƙulewa tana sakewa, jini ya kai 700. Ki sa mata misofurostol maikiragiram 800 a ƙarƙashin harshe. Agometirin ma na aiki, amma ba a yi wa mai hawan jini ko mai jijjiga ko mai ciwon zuciya, shi ya sa awon da kika yi tun farko yake da amfani. Ki sa doguwar safar hannu ki matse mahaifa tsakanin hannu biyu, dunƙulen ɗaya a ciki, ɗayan ta saman ciki. Idan hannunki ya gaji ko ana shirin tafiya, a danna babbar jijiyar ciki da dunƙule, sama kaɗan da cibiya ta ɓangaren hagu, har bugun da ke matsematsinta ya ɗauke. Idan akwai rigar matse jiki da ake naɗa wa mai zubar jini daga ƙafafu zuwa ciki, ki sa mata, kuma ki gargaɗi kowa kada a kwance ta a hanya. Ki lulluɓe ta, sanyi na ƙara lalata daskarewar jini.

A nan ne za ki yanke shawarar tura ta babban asibiti, kuma ki yanke da wuri. Tura mara lafiya a kan lokaci ƙwarewa ce, babu abin kunya a ciki. Amma tura ta ba shi ne a miƙa wa miji takarda a ce Allah ya kiyaye hanya ba. Ki kira can tukuna su shirya. Ki rubuta lokacin haihuwa, yawan jinin da aka auna, kowane magani da lokacin da aka ba da shi. Ruwa na tafiya a jijiya, ke ko abokiyar aikinki na cikin motar hannu a kan mahaifa. Ki tafi da dangi biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini. Maganar jini da mota da kuɗin mai ba da tsakar dare ake fara ta ba. Tun a awon ciki ake zama da mijin a ce masa, Malam, matarka jininta ya yi ƙasa, ga ƙwayoyin ƙarin jini ta riƙa sha kullum, ka tanadi mai mota, ka san waɗanda za su ba da jini, kuma ka ba da izini tun yanzu ko ba ka gida a kawo ta.

Ko jini ya tsaya, kada ku sallami mai jego da gaggawa don dangi na son a koma a ɗora ruwan wanka. Ta kwana ƙarƙashin kulawa sa'o'i 24. Kafin ta tafi ku kama hannunta ku ɗora a mararta, ta ji yadda mahaifa mai tauri take, ta koyi murzawa da kanta. Ku gaya mata da mai kula da ita cewa idan ƙunzugu na jiƙewa sharkaf cikin ƙasa da sa'a ɗaya, ko manyan gudaji na fita, ko jinin ya yi wari, ko zazzaɓi ya zo, su dawo ko da an yi suna, domin zubar jini na iya tasowa makonni bayan haihuwa.

Ga aikin da na ba ku, 'ya'yana. Ranar da kuka kama aiki, bayan kun gaida na gaba da ku, ku tambayi inda ake ajiye oksitosin, ku buɗe firjin ku ga ko yana sanyi. Ku haɗa akwati ɗaya na zubar jini: oksitosin a ma'ajiyar sanyi kusa, misofurostol, taranekzamik asid, ruwa lita biyu, allurai masu faɗi, robar fitsari, dogayen safar hannu, kayan ɗinki da tocila mai batir. Ku duba shi a farkon kowane aiki, abin da aka taɓa a mayar. Ku manna lambar direba da ta babban asibiti a bango. Ku ja abokan aikinku, har da masu shara da mai gadi, ku riƙa gwada matakan nan lokaci-lokaci ana duba agogo, don kowa ya san abin da zai kama idan an kira. Inda kuka tarar babu kaya, ku rubuta ku nema, ku sake nema, cikin ladabi ba tare da gajiya ba. Ungozomomin gargajiya na garin kuma ku ja su a jiki, ku nuna musu alamun, domin su ne za su turo muku mace da sauran ƙarfinta.

Rai na hannun Allah, babu mai ja da wannan. Shi ne kuma ya hore mana ilimi da magani, ya ɗora mana amanar yin amfani da su a kan lokaci, kuma zai tambaye mu. Allah ya ba ku ido mai lura, da hannu mai sauri, da zuciya mai tausayi. Ya sa matan da za su kwanta a gabanku su tashi su goya 'ya'yansu. Ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.